Saƙon Bibiya Bayan Doguwar Tazara: Yadda Mai Komawa Aiki Ke Faɗin Giɓinsa Ba Tare da Ba da Haƙuri Ba

Saƙon bibiya shi ne gajeren rubutun da mai neman aiki ke aika wa ma'aikata bayan an yi masa intabiyu, ko bayan ya kai takardunsa ya ji shiru. Ga wanda bai taɓa barin aiki ba, saƙon godiya ne da tuni kawai. Ga wanda ya yi shekara biyar ko goma rabonsa da ofis, saƙon yana ɗauke da wani nauyi na uku, domin akwai tambayar da ta rage a zuciyar waɗanda suka gana da shi, ko sun furta ta ko ba su furta ba: ina yake duk tsawon shekarun nan, kuma me suka rage masa? Saƙon bibiya ne wuri na ƙarshe da zai iya amsa wannan tambaya da kalmomin da ya zaɓa a natse, ba tare da idanun 'yan kwamiti a kansa ba.

Masu irin wannan giɓi suna da yawa, kuma dalilansu ba ɗaya ba ne. Akwai macen da ta ajiye aiki bayan aure ko haihuwa, ta tsaya reno har yara suka shiga makaranta. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta tanada na hutun haihuwa, kuma mata da yawa a ƙarshen wannan hutun ne suke yanke shawarar zama a gida. Akwai wanda jinyar uwa ko uba ta ɗauke shi shekaru. Akwai wanda shi kansa ya kwanta ciwo, da wanda masana'antarsa ta rufe, kamar yadda ya faru da ma'aikatan masaƙun Kaduna da Kano, da wanda rashin tsaro ya raba shi da garinsa, da wanda ya bar albashi ya shiga kasuwanci jari ya karye. Dukkansu idan sun dawo neman aiki, wuri ɗaya suke cin tuntuɓe: sai su soma magana a kan giɓin kamar masu amsa laifi.

Kafin a zo kan yadda ake rubuta saƙon, ya kamata a fahimci abin da ke damun mai ɗaukar aiki, domin saƙon amsa ce gare shi. Giɓi yana rage wa mai nema dama, wannan ba zato ba ne. A wani bincike da masana tattalin arziki uku suka wallafa a 2013, an aika takardun neman aiki na ƙage kusan 12,000 zuwa guraben aiki a birane 100 na Amurka, aka bambanta su da tsawon lokacin da mai takardar ya yi ba shi da aiki. An ga cewa kiran intabiyu yana raguwa gwargwadon tsawon zaman, kuma mafi yawan raguwar a cikin wata takwas na farko take faruwa. Masu binciken sun fassara wannan da cewa mai ɗaukar aiki yana karanta giɓin ne a matsayin alama: idan wasu sun ga wannan mutum sun ƙi ɗaukarsa, wataƙila sun ga wani abin da ni ban gani ba.

Idan aka warware wannan shakka, za a ga abubuwa uku ne a cikinta. Na farko, ko dalilin da ya fitar da mutum daga aiki yana nan har yanzu, ta yadda bayan wata huɗu zai sake ajiyewa. Na biyu, ko hannunsa ya manta aikin, ko aikin ya canza ya bar shi a baya. Na uku, ko akwai wani abin da yake ɓoyewa, kamar kora saboda almundahana. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da ba da haƙuri ke warwarewa. Wanda ya ce a yi haƙuri ya daɗe bai yi aiki ba, bai gaya wa kowa ko lalurarsa ta wuce ba, bai nuna ko ya iya aikin ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tabbatar wa mai karatu cewa shi ma yana kallon shekarun nan a matsayin aibi.

Shiru ma ba mafita ba ne, musamman bayan an riga an gana. Malamai biyu mata na Jami'ar Vanderbilt sun wallafa wani gwaji a 2016, inda suka sa mutum fiye da 3,000 su ɗauki matsayin masu ɗaukar aiki, su zaɓa tsakanin mata biyu masu cancanta iri ɗaya, kowacce da giɓin shekara goma. Wadda ta faɗi dalilin barinta aiki ta fi samun zaɓi nesa ba kusa ba a kan wadda ta yi shiru, kuma kusan kowane irin dalili ya fi rashin dalili. Mutum ba ya son duhu a cikin abin da zai sa kuɗinsa. Sai dai akwai iyaka da ya dace a sani. Wani gwaji da aka yi daga baya a Birtaniya, da takardun neman aiki kusan 9,000 da aka aika wa kamfanoni na gaske, ya nuna cewa rubuta dalilin giɓi a jikin takardar tarihin aiki bai ƙara kiran intabiyu ba. Abin da ya ƙara shi ne rubuta yawan shekarun da aka yi a kowane aiki maimakon daga shekara kaza zuwa shekara kaza. Idan aka haɗa sakamakon biyu, darasin da ya fito shi ne: a takardar farko, gogewa ce ya kamata ta fito gaba, bayanin giɓi kuwa wurinsa shi ne inda mutum ya riga ya zama mai fuska da murya, wato a intabiyu da kuma saƙon da ke bin bayansa. Waɗannan gwaje-gwaje a wasu ƙasashe aka yi su, amma shakkar da suka auna duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar aiki a Kano ko Maraɗi ya san ta.

A ɗauki misalin wata akanta a Kano. Ta riƙe lissafin wani kamfanin rarraba kayan masarufi daga 2010 zuwa 2016, sannan ta ajiye aiki don jinyar mahaifiyarta da renon yara ƙanana. A 2024 ta nemi gurbin akanta a wani kamfani mai rassa uku. An kira ta ranar Talata, kwamitin mutum uku, shugabansu wani Alhaji ne mai kula da harkokin kuɗi. A tsakiyar ganawa ya tambaye ta abin da ta yi a shekara takwas ɗin nan. Ta amsa, amma muryarta ta yi ƙasa, ta yi ta zagaye, ta fito tana jin cewa a nan ne ta yi rauni. Washegari ta zauna rubuta saƙon bibiya. Abin da ya fara zuwa hannunta shi ne irin wannan:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Don Allah a yi haƙuri da damunku da nake yi. Na san na daɗe rabona da aiki, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Wallahi ba da son raina na bar aiki ba, yanayi ne ya kama. Idan aka taimaka aka ba ni dama, ko da ƙaramin matsayi ne, zan yi iya ƙoƙarina in koyi abin da ya wuce ni. A taimaka saboda Allah."

Wannan saƙo cike yake da tarbiyya, kuma shi ya sa yake da wuyar gyarawa: mai rubuta shi tana jin cewa ladabi take yi. Amma a duba abin da Alhaji zai ɗauka daga ciki. Jimla ta biyu ta gaya masa cewa saƙon damu ne. Ta uku ta ba shi hujjar zaɓar wani, da bakin mai nema. Ta huɗu ta ambaci wani yanayi ba tare da cewa ko ya wuce ba, ta bar shakkarsa ta farko a raye. Ta biyar ta karya farashin aikinta tun ba a soma ciniki ba, ta kuma amsa cewa akwai abin da ya wuce ta. Ta ƙarshe ta mayar da gurbin aiki sadaka. A duk saƙon babu kalma ɗaya a kan lissafi, alhali akanta ake nema. Mai kamfani yana iya tausaya mata ƙwarai, amma ba zai damƙa littafin kuɗin rassa uku a hannun wadda tausayinta kaɗai yake ji ba.

Ga yadda saƙon ya koma bayan ta sake shi:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Na gode da lokacin da kuka ba ni jiya Talata, ku da sauran 'yan kwamiti, a kan gurbin akanta. Bayanin da kuka yi cewa lissafin rassanku ba ya haɗuwa da na banki sai mako biyu bayan ƙarshen wata ya tsaya mini a rai, domin aikin da na riƙe ke nan daga 2010 zuwa 2016, kuma a lokacin muna rufe littafin wata kafin ranar 5 ga sabon wata.

"Kun tambaye ni game da 2016 zuwa 2024. Na ajiye aiki ne don jinyar mahaifiyata da renon yara. Wannan lalura ta wuce, yaran duka suna makaranta, kuma a shirye nake da cikakken aiki. Tun 2021 ni ke riƙe da littafin wata ƙungiyar adashi mai mambobi 60 a Excel, kuma a watan jiya na kammala kwas na wata uku a kan QuickBooks da dokokin haraji na yanzu. Na haɗo shaidar kwas ɗin a wannan saƙo.

"Idan kuna so ku ga aikina kafin ku yanke shawara, zan iya zuwa in daidaita lissafin wata guda na reshe ɗaya. Na gode. Allah ya ƙara girma."

A ƙasa ta sa cikakken sunanta da lambar wayarta. Ko da Turanci za a rubuta saƙon, kamar yadda ofisoshi da yawa ke buƙata, ko da Faransanci a Nijar, ginin ba ya canzawa.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne inda giɓin ya zauna. Ba shi ya buɗe saƙon ba, ba shi ya rufe shi ba. Saƙon ya buɗe da matsalar kamfanin, wadda ta ji daga bakin Alhaji, ya rufe da tayin warware ta. Giɓin yana tsakiya, tsakanin shaidar aikin da ta yi a da da shaidar abin da take yi yanzu. Mai karatu yana isa wurinsa ne bayan ya riga ya gan ta a matsayin wadda ta taɓa rufe littafi cikin kwana biyar. Idan aka soma da giɓin, duk abin da ya biyo baya sai ya zama kamar kare kai.

Na biyu shi ne girmansa. Jimla uku kacal ya ci: yaushe, me ya sa, da kuma cewa ya ƙare. Ta faɗi shekarun da lambobinsu, ba ta ce "na ɗan wani lokaci" ba, domin Alhaji yana da takardunta a gabansa kuma ya iya ƙidaya. Rage shekara takwas zuwa "ɗan lokaci" yana nuna kunyar abin, kuma kunyar ce ke sa a yi zargin akwai ƙari. Ta faɗi dalilin da kalmomi kaɗan, ba ta shiga bayanin ciwon mahaifiyarta ko asibitocin da aka zagaya ba. Tsawaita bayani, ko da gaskiya ne tsantsa, yana komawa neman uzuri, kuma yana sa mai karatu ya ɗauki nauyin da bai nema ba. Ta kuma yi amfani da "na ajiye", maganar wanda ya yanke shawara, ba "yanayi ya tilasta mini" ba. Jinyar uwa ba abin da Bahaushe zai nemi gafarar wani a kansa ba ne, kuma Alhajin da ke karanta saƙon ya san haka sarai. Abin da bai sani ba shi ne ko jinyar ta ƙare.

Don haka jimlar da ta fi kowacce aiki a saƙon ita ce ta uku, wadda ta ce lalurar ta wuce. Masu komawa aiki da yawa suna mantawa da ita, domin su a wurinsu abin a fili yake. A wurin mai ɗaukar aiki kuwa ba a fili yake ba. Idan akwai sharaɗin da ya rage, misali dole a ɗauko yara da ƙarfe biyu, bai kamata a ce komai ya wuce ba. Sai a faɗi tsarin da aka yi: akwai mai ɗauko su, ko kuma sa'o'i kaza ne mutum zai iya. Alkawarin da za a karya a watan farko ya fi giɓin kansa illa.

Na uku shi ne shaidar cewa hannu bai manta ba, kuma a nan ne ake bambanta saƙo mai nauyi da mai daɗin baki. Ba a cewa "ina bibiyar sabbin abubuwa". Ana ambaton abu guda da za a iya tantancewa. A fagen wannan akanta, abubuwa sun canza da gaske a shekarun da ba ta nan. Lokacin da ta bar aiki a 2016, harajin kayayyaki na VAT kashi 5 ne cikin ɗari. Daga Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5. A kan kayan naira 200,000, harajin da ta saba lissafawa naira 10,000 ne, yanzu kuwa naira 15,000. Akantar da ta yi wannan kuskure a gwajin farko ta tabbatar da duk abin da ake tsoro. Saboda haka ambaton kwas a kan dokokin haraji na yanzu ba ado ba ne, amsa ce kai tsaye ga shakka ta biyu. Kowace sana'a tana da irin wannan ma'auni. Malamin makaranta zai ambaci rajistarsa da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, da cewa lasisinsa na aiki. Ma'aikaciyar jinya za ta ce ta sabunta lasisinta da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma. Direba zai faɗi ajin lasisinsa da ranar da zai ƙare. Idan ba a sabunta ba tukuna, a faɗi ranar da aka shigar da takardu, kada a ce an gama.

Batun adashi yana buƙatar tsayawa, domin a nan ana yin kuskure ta fuska biyu. Wasu suna raina abin da suka yi a gida har su ƙi ambatonsa, alhali riƙe kuɗin mutum 60 shekara uku ba tare da rigima ba shaida ce ta amana da iya lissafi, kuma akwai shugabar ƙungiya da za a iya kira ta tabbatar. Wasu kuma suna kumbura shi, su kira renon yara "shugabancin gudanarwa", su kira sayar da zannuwa a unguwa "kamfanin shigo da kaya". Masu ɗaukar aiki suna gane wannan nan take, kuma shi ma wani salon ba da haƙuri ne, domin yana nuna mutum bai yarda gaskiyar abin da ya yi ta isa ba. Ma'aunin shi ne: a ambaci abin da ya shafi aikin da ake nema, wanda yake da adadi, kuma yake da mai shaida. Abin da bai cika waɗannan ba a bar shi. Wanda bai yi komai da ya shafi sana'arsa ba a cikin giɓin, gara ya jingina da abin da ya yi a watannin shirin dawowa, ko da kwas ne na mako shida ko taimaka wa wani tsohon abokin aiki a shagonsa. Idan za a nuna samfurin aiki daga littafin wasu, a goge sunaye da lambobin mutane tukuna. Akantar da ta watsa sirrin mambobin ƙungiyarta don neman aiki ta faɗi jarrabawar amana.

Tayin gwaji da ya rufe saƙon shi ma yana da iyaka. Lissafin wata guda na reshe ɗaya aikin yini ne ko biyu. Wannan tayin wanda ya yarda da kansa ne. Wanda ya ce zai yi wata uku ba albashi kuwa ya koma ga roƙo ta wata ƙofa, kuma akwai ma'aikatun da za su karɓi wata ukun su sallame shi.

Duk wannan bai taɓa ladabi ba, kuma ya kamata a jaddada hakan, domin tsoron a ce mutum ya cika baki ne ke mayar da masu rubutu ga saƙo irin na farko. Saƙo na biyu ya yi sallama, ya kira Alhaji da girmansa, ya yi masa magana da "ku", ya yi godiya sau biyu, ya rufe da addu'a. Girmama babba yana cikin gaisuwa da lafazi da gajarta magana don kada a ci masa lokaci. Ƙasƙantar da aikin kai ba ya cikin wannan. Akwai hanya mai sauƙi ta gwada saƙo kafin a aika: a ɗauki kowace jimla a tambaya ko tana ƙara wa mai karatu sanin wani abu game da aikin ko game da shirin mai nema. Gaisuwa da godiya suna da izinin zama. Duk jimlar da aikinta kawai shi ne ta nuna mai rubutu ya san bai isa ba, a cire ta.

Ba kowane dalili ne ake faɗa da sauƙin jinya da reno ba. Wanda ya yi rashin lafiya ba dole ba ne ya ambaci sunan ciwon. Ya isa ya ce ya yi jinya, ya warke, kuma yana da takardar likita idan ana buƙata. Wanda kasuwancinsa ya karye zai ce ya gudanar da kasuwancin hatsi shekara huɗu, ya rufe shi a shekara kaza, ba tare da labarin wanda ya cuce shi ba. Wanda aka rage a wurin aiki zai ce an rufe sashensu. Wanda rikici ya kora daga garinsa zai faɗi haka a jimla ɗaya, ya ƙara da inda ya zauna yanzu, domin abin da ake son ji shi ne ko ya kafu. Wanda aka kora saboda saɓani, ko wanda ya yi zaman gidan yari, lamarinsa ya fi nauyi, kuma ya fi dacewa ya faɗe shi baki da baki. Saƙon bibiya sai ya yi nuni kawai da cewa an tattauna batun, ya ba da sunan wanda zai tsaya masa. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne matsar da shekaru don rufe giɓi. Kiran waya ɗaya zuwa tsohuwar ma'aikata yana tona shi, kuma ga wanda ya yi aiki ƙarƙashin tsarin fansho na haɗin gwiwa da Najeriya ta soma a 2004, asusunsa yana ɗauke da watannin da aka zuba masa kuɗi da watan da aka daina. Giɓi ana iya ɗaukar mutum da shi. Ƙarya a takarda kuwa ana korar mutum a kanta ko bayan ya fara aiki.

Lokaci da hanyar aikawa ba su da wuya. Saƙon farko ya tafi cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ganawa, tun kwamiti bai zauna ba, a cikin sa'o'in aiki, ba da daddare ba kuma ba dab da sallar Juma'a ba. A bi hanyar da gayyata ta zo: idan imel ne imel, idan WhatsApp ne WhatsApp, amma a rubuce, ba saƙon murya ba, domin rubutu ne ake iya tura wa sauran 'yan kwamiti. Idan an ce za a ji sakamako cikin mako biyu kuma mako biyun suka wuce, a ƙara kwana biyu ko uku na aiki sannan a aika tuni na layi biyu ko uku: gaisuwa, sunan gurbin, ranar ganawa, da tambayar ko an kai ga matsaya. A wannan saƙo na biyu ba a sake ɗaga maganar giɓi. An faɗe ta sau ɗaya, ta zauna. Wanda ya maimaita ta a kowane saƙo yana nuna cewa ita ce ke hana shi barci, sai ta soma hana mai karatu ma. Idan akwai sabon abu, kamar fitowar lasisi, shi ne kaɗai ya cancanci a ƙara.

A ƙasar Hausa, sau da yawa bibiya ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai kawu ko tsohon maigida ko mijin yaya da zai ɗaga waya ya kira Alhaji. Wannan yana da amfani, domin shakka ta uku, wato ko akwai abin ɓoye, mutumin da aka sani ne ya fi kowa kawar da ita. Amma mai sa baki yana iya rushe duk abin da saƙon ya gina cikin minti ɗaya. Idan ya ce, "Alhaji, 'yarka ce, ta daɗe a zaune, ga yara, a taimaka mata," ya aika saƙon nan na farko da aka yage, kuma da murya mai nauyi. Don haka mai nema ta zauna da shi tukuna, cikin ladabi ta gaya masa abin da take so ya faɗa: cewa ya san aikinta, cewa shekara shida ta riƙe lissafi ba a taɓa samun ta da ko kwabo ba, cewa lalurarta ta wuce. Tsohon shugaban da ya ga aikinta da idonsa ya fi ɗan'uwa mai ƙaunarta amfani a nan, ko da ɗan'uwan ya fi kusanci da Alhaji.

Akwai wuraren da saƙon bibiya ba ya da tasiri, kuma sanin su yana hana ɓata rai. Ɗaukar aikin gwamnati da ake yi ta shafin intanet, da jarrabawar kwamfuta da ƙa'idar shekarun haihuwa, ba ya sauraron wasiƙa. Wanda ya haura shekarun da aka gindaya, kyawun rubutu ba zai dawo da shi ba. Saƙon ya fi cin nasara a inda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ke yanke hukunci: makarantu da asibitoci masu zaman kansu, kamfanonin kasuwanci, ƙungiyoyin agaji, ofisoshin lauyoyi da na masu binciken kuɗi. A can ma ba ya mayar da wanda bai cancanta ba ya cancanta. Aikinsa shi ne ya hana a ajiye wanda ya cancanta saboda tambayar da ba a amsa ba.

Amsar da ta dawo tana nuna ko saƙon ya yi aiki. Idan ta koma kan aikin, aka ce a zo da takardu na asali, ko aka sa ranar gwaji, ko aka soma tambayar albashi, giɓin ya daina zama batu. Idan aka sake tambayar wa zai kula da yara, ko ko maigida ya amince, shakka ta farko ce ba ta mutu ba, kuma amsarta jimla ɗaya ce mai bayyana tsarin da aka yi, ba sabon tarihi ba. Wani lokaci kuma amsar tayi ce ta matsayi ƙasa da wanda aka nema, da hujjar an daɗe ba a yi ba. Karɓar wannan ba faɗuwa ba ce idan an yi shi a kan sharaɗi. Akantar nan tana iya amincewa ta fara a matsayin mataimakiya, amma ta nemi a rubuta a takardar ɗaukarta cewa bayan wata shida za a duba matsayin da albashin, a kuma ambaci ma'aunin da za a duba, misali rufe littafin kowane reshe kafin ranar 5 ga wata. Idan kuma amsar ita ce an ɗauki wani, ta mayar da godiya a layi biyu, ta nemi a ajiye takardunta don gurbi na gaba, ta tambaya ko Alhaji zai yarda ta ambaci sunansa ga wani kamfanin da ya san yana neman akanta.